Ciwon suga da jarabawar IELTS: yadda na nemi a tsayar min da agogo

Ina da ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda sai da allurar insulin kullum, kuma na so in yi IELTS, jarabawar gwada ƙwarewar turanci, saboda neman gurbin digiri na biyu a waje. Duk wanda ya san jarabawar ga ya san sauraro da karatu da rubutu a jere ake yin su ba hutu tsakani, kamar awa 2 da minti 45 kana zaune wuri guda, ga kuma lokacin tantance fasfo da ɗaukar hoto kafin a fara. Ba a shiga da abinci, ba waya, ko agogon hannu ba a bari, ruwa kawai cikin gora wadda ake hangen cikinta. To mutum irina idan suga ya faɗi ana cikin rubutu mi zai yi?

Mafi yawan mutane da sun ji ana taimaka ma masu lalura, ƙarin lokaci ke zo musu a rai. Ƙarin da anka fi bayarwa kashi 25 cikin ɗari ne, wato takardar karatu ta minti 60 ta koma 75, rubutu ma haka. Wannan shina da amfani ga wanda lalurarshi ke sa karatu ko rubutu ya yi mishi nawa, kamar mai matsalar ido ko hannu. Ni ko lafiya lau nike karatu, matsalata in suga ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwajin suga sai hannu ya kama rawa, zufa ta keto ko da akwai iyakwandishan, layukan rubutu su riƙa haɗewa, in karanta jimla guda in sake karantawa ban gane komi ba. Ƙa'idar da likitoci ke koya muna ita ce ka sha kamar giram 15 na suga, ka jira minti 15, ka sake gwadawa, in bai tashi ba ka ƙara. Ka ga kenan faɗuwa guda ta cinye ƙarin lokacin nan kaf tun kai bai gama dawowa daidai ba, in kuma suga bai faɗi ba an ba ni mintocin da ban buƙata. Abin da ya dace da ni hutu ne wanda za a tsai da agogo, mai sa ido na tare da ni, in na warware a ci gaba daga inda anka tsaya. Shi na roƙa.

Kafin in tura ma cibiyar jarabawar imel sai da na fara da takardar likita, don ita ce ginshiƙin komi. Cibiyar na son ta da turanci, kan takarda mai tambarin asibiti, da sunan likita da matsayinshi da sa hannu. Amma abin da na fi son ku riƙe shi ne abin da za a rubuta ciki. Irin takardar da anka saba bayarwa, wane majinyacinmu ne shina da ciwon suga shina shan magani, ba ta gaya ma masu jarabawa komi, su ba likitoci ba ne balle su zauna su fassara ciwo zuwa mintoci. Ranar kilinik na yi ma likitata bayanin yadda jarabawar take, tsawonta da abin da anka hana shiga da shi. Ta saurara tsaf sannan ta ce, "To Malam, su mi za su iya yi maka? Faɗa min, in ya dace da ciwonka in rubuta." Allah ya saka mata da alheri. Ta rubuta sunan ciwon, da cewa ina kan insulin, da cewa suga na iya faɗuwa ba shiri kuma in ya faɗi gani da tunani na rikicewa, sannan ta ba da shawara ƙarara: a bar ni da na'urar gwaji da gulukos, a ba ni hutun minti 15 zuwa 20 duk sadda hakan ta faru.

Shi saƙon gajere na yi shi. A kan imel ɗin na sa "Special arrangements request" da sunana kamar yadda yake cikin fasfo da ranar da nike son zama. Ciki kuma, da turanci ba shakka, abin da na ce shi ne ina son yin jarabawa rana kaza a cibiyarku ta kwamfuta, ina da ciwon suga nau'i na ɗaya, ga takardar likita na maƙala. Ina roƙon a bar ni in shiga da na'urar gwajin suga da tsinkenta da ƙwayar gulukos, a ba ni "supervised rest breaks" in suga ya faɗi, kuma a zaunar da ni inda tashina ba zai dami kowa ba. Na ce ban neman ƙarin lokaci. Na rufe da roƙon su ba ni amsa a rubuce su kuma gaya min in akwai fom ko wata takarda da ta rage. Ban kawo tarihin yadda ciwon ya fara ba, ban yi magiya da a taimaka don Allah ba, haƙƙi ne da ke cikin tsarinsu kuma ba a biyan ko kwabo a kai, kuma makin da ma'auni guda za a ba ka da kowa.

Maganar lokaci kuma kar a yi wasa da ita. Ƙa'idarsu a sanar da cibiya aƙalla sati 6 kafin ranar jarabawa, don wasu buƙatun ba su ke yanke hukunci su kaɗai ba sai sun tura gaba. Mu na Sakkwato ga tafiya a kai, ni Kano na zaɓa, ka bi ta Gusau yini guda cikin mota, ga kuɗin masauki, don haka na ƙi biyan kuɗin kama ranar jarabawa sai da na ji daga gare su. Da anka kwana biyu shiru na sake turawa a ƙarƙashin imel ɗin farko don komi ya zauna wuri guda, na kuma kira, amma abin da anka faɗa min a waya na ce don Allah a rubuto shi. Wanda ya ɗauki waya ba lalle shi za ka tarar bakin ƙofa ba.

Amsar ta zo sun yarda da hutun da wurin zama daban, na'urar kuma sunka ce teburin mai sa ido za ta zauna, in ina so in ɗaga hannu. Na yi firintin amsar na riƙe tare da fasfo, mai tantancewa ya karanta ya duba kayan ya wuce da ni ba gardama. Ana cikin rubutu na ji hannu ya fara, na gwada na ga 66, anka tsai da lokaci, na sha gulukos na zauna nesa da kwamfuta, don lokacin hutu ba ka duba tambaya ba ka rubuta komi. Da ya haura na koma na tarar da mintocina yadda na bar su.

Mai amfani da irin na'urar ga da ake mannawa a damtse wadda ke tura sakamako waya, ya faɗa tun cikin saƙon farko, don waya ita ce abin da sunka fi tsanantawa a kai, kuma ya taho da gulukomita ta tsinke ko da za su ce wayar ta tsaya waje. In kuma ka ɗaga ranar jarabawa ko ka canza gari, kar ka ɗauka izinin zai bi ka da kanshi, sake rubuta musu da sabuwar ranar ka maƙala amsarsu ta farko.