Sakin layi tara, hannu biyu

Bara aka sa ni cikin alƙalan wata ƴar gasar rubutun Hausa ta matasa a nan Maradi, kan batun sassaben zamani, wato renon tohon kututturan itatuwa a gona. Dokar gasar ta ce kada a yi aiki da na'urar rubutu irin su ChatGPT. Cikin takardun da suka zo hannuna akwai na wata yarinya daga wajajen Agye, sakin layi tara, wanda ya hana ni barci.

Wani abokin aikina ya zuba rubutun duka cikin wata manhajar gano rubutun na'ura, ta ba shi kusan rabi. Wannan adadin bai gaya mana komai ba. Rabin rubutun ne na na'ura, ko manhajar ce ke waswasi kan dukansa? Muka gwada yankawa sakin layi-sakin layi, abin ya ƙara lalacewa, don irin waɗannan manhajoji dogon rubutu suke so. Wadda kamfanin OpenAI ya fitar a Janairun 2023 ma ba ta karɓar ƙasa da haruffa 1,000, shi kansa ya ce ba ta da ƙwari a harsunan da ba Ingilishi ba, kuma a watan Yuli ya janye ta. Sakin layin yarinyar kuwa bai wuce haruffa 400 ba, ga shi da Hausa.

Sai na buga takardar, na ɗauki biro, na bi kowane sakin layi ina tambaya: me mai wannan maganar ya sani? Na biyu da na uku sun faɗi yadda babanta ke zagaya gona kafin damina, ya sami kututturen sabara ko kalgo da ya yi toho, ya bar rassa uku ko biyar mafi ƙarfi, ya sare sauran. Har ta ce gero ya fi kyau a gindin gawo, tun da shi da damina yake zubar da ganye. Na huɗu da na biyar kuma suka koma maganar raba irin itatuwa da dasa su da ban ruwa. Nan na tsaya. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga nan yankin tun wajen 1983, ba dashe ba ne, renon abin da ke da saiwa a ƙasa ne. Wanda ya rubuta na uku ba zai yi wannan kuskuren ba. Kalmomin ma sun sauya: a farko ta ce "komin" da "jikka biyu", a nan sai ga "ƙaramar hukuma". A na shida ta dawo kan babanta kamar ba a ce komai ba tsakani.

Na bakwai shi ne inda na yi kuskure. Ko'ina tana rubuta "kasa" da "daya" ba lanƙwasa, a nan sai ƙ da ɗ suka fito tsaf kamar a na huɗu da na biyar. Na sa masa jan biro, na haɗa shi da su.

Muka kira ta. Ban ce mata ana zarginta ba, na ce: "Ƴata, rufe takardar ki ba ni labarin abin da kika rubuta." Na bakwai ta kawo shi har da ƙari, yadda makiyaya suka sassare musu gawo biyu da rani aka kai magana gaban mai gari. Na tambaye ta lanƙwasar, ta ce: "Malam, cajin wayata ne ya ƙare, na ƙarasa a ta yayana, tasa tana da haruffan Hausa." Da muka zo na huɗu na ce ta faɗa mini ina aka raba irin, ta sunkuyar da kai. Ta ce kalmominta ba su kai adadin da aka nema ba, shi ne ta sa na'ura ta cika mata biyu.

Sai ta ƙara da wanda ban gano ba sam. Na farko ita ta rubuta shi, ta ba na'ura ta gyara mata jimloli. Tunanin nata ne, lafazin ba nata ba, kuma daga takarda kaɗai babu yadda za a yi in sani.

Mun daɗe muna gardama. Wani ya ce a fitar da ita, doka ta hana. Ni na ce a gaya mata ta karya doka, ba za ta shiga layin kyauta ba, amma a auna mata sakin layi shida da ta iya tsaya wa, a rubuta mata ra'ayinmu a kansu. Haka aka yi, ta samu 13 bisa 20, na farkon muka ajiye shi gefe ba maki.

Bana mun ce kowa ya kawo daftarinsa na farko, na littafi ko na waya, ya kuma nuna wurin da na'ura ta taɓa. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe zai zauna da mu minti goma, takarda a rufe.