Inda na kai da wasan mai moto da fasinja

'Yan uwa masu koyo, gajeren wasan da nake rubutawa a nan Garwa ya fara zama. Sakan 40 ne duka, na yanka shi gaɓa goma, wato kusan duk sakan 4 sai wani abu ya juya. Abin da na lura shi ne ba yawan juyin ke sa wasa ya zama kamar ana korarsa ba, cunkoson magana ne. In na karanta layi da agogon waya yadda mutum zai faɗe shi a titi, sakan 4 bai ɗaukar fiye da kalma takwas zuwa goma, in ka tura goma sha biyar dole ɗan wasa ya riƙa haɗiye ƙarshen kalmomi, daga nan mai kallo ya fara haki.

Ga yadda farkon yake yanzu. Fasinja ya sauka, kuɗin moto sefa 200, ya miƙa takardar 10,000. Gaɓa ta biyu ba magana ko ɗaya, mai moto ne kawai yake kallon takardar, ya ɗago ya kalli mutumin, ya sake kallon takardar. Wannan shirun ma juyi ne fa, kuma shi ke ba mai kallo damar yin lissafin da kansa. Sai ta uku ya ce "Alhaji, banki ka ɗauke ni?" Ta huɗu ya kashe moto, ƙarar inji ta ɗauke, kowa ya gane zama ya kama, ba sai an faɗa ba.

Kowace gaɓa sabon abu ɗaya tak take kawowa. In sabon mutum zai shigo, kamar mai shayin da za su je nema wa canji wurinsa, to ba na canja wuri da shi lokaci guda, muryarsa ce za ta fara zuwa muna kan fuskar mai moto tukuna sannan hoto ya bi. Kuma kar tsawon ya zama daidai wa daida, huɗu huɗu huɗu yana gajiyarwa wallahi, nawa yana tafiya 3, 5, 2, 6 haka.

Wurin montaj a CapCut, bidiyona firam 30 ne a sakan, to bayan maganar banki ina barin firam 15, rabin sakan ke nan, kafin in yanke. In aka yanke kan harafin ƙarshe dariyar mutuwa take.

Gwajin da nake yi, in kashe sauti in miƙa wa ƙanena wayar. Duk inda ya ja baya da yatsa, wurin ya cushe. Ya ja baya a gaɓa ta bakwai inda mai shayi ke magana yana kuma ƙirga canji, gobe zan raba gaɓar gida biyu in cire layi ɗaya daga ta takwas.