Kafin Ka Danna Gogewa, Duba Ina Kayan Yake

Ɗan ƙanwata na tarar a shagonmu na Agege ya buɗe Chromebook ɗinsa, kwamfutar cinya mai tafiya da manhajar Google, wai wuri ya cika, ya zaɓi duk abin da ke cikin Google Drive zai goge. Na riƙe hannunsa. Ya ce, “Kawu, ai na sani.” Haka kuke, komai kun sani.

Ni ma na sani a lokacina. Tawa mai giga 32 ce, na saye ta hannu a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, kuma manhajar da ke tafiyar da ita ta riga ta cinye kaso mai tsoka. Da ta fara ƙorafin wuri, sai na shiga Files, na ga hotunan biki da rasitan kaya a ɓangaren Google Drive, na share su. Wuri bai ƙaru ba ko kaɗan, domin kayan suna intanet ne, sunayensu kawai nake gani. Wanda aka sa wa Available offline, wato ya buɗu ko ba intanet, shi ke zaune a cikin na'urar. Kwandon sharar Drive yana riƙe abu kwana 30, ni kuwa ban waiwaya ba sai da suka wuce.

Haushi ya sa na yi Powerwash, wato goge komai na na'urar ta koma kamar sabuwa, tunda an ce komai na Chromebook yana intanet. Ashe ban da Downloads. Littafin bashin kwastomomi yana can, ya tafi. Wauta ce, na yarda. Amma fa a taga ɗaya ake nuna maka na gida da na intanet, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, wa zai bambance? Kuma na so in kwafe littafin, data ce ta ƙare. To, da na sayi data.

Na shirya yi muku dogon bayani, amma ba ku da haƙurin karatu. Ka shiga Settings ka nemi Storage management, zai nuna maka abin da ya ci wurin. Sau da yawa bidiyon da ke Downloads ne da manhajojin Play Store da ka manta da su, ko asusun abokin da ya taɓa shiga ya tafi. Waɗannan za ka rage. Abin da kake so a Downloads ka kwafe shi zuwa Drive, sannan ka buɗe shi a wayarka ka gan shi da idonka kafin ka goge na kwamfutar, don netiwok ɗin Legas yakan yanke ana tsakiyar lodi. Bayan gogewa ka zubar da Trash, kwandon sharar da ke cikin Files, in ba haka ba wurin ba zai dawo ba.

Kada kuma ka jibge komai a Drive, giga 15 na kyauta da Gmail da Google Photos kuke rabawa, in ya cika saƙo ya daina shigowa. Sayi filashi. Ko da yake filashi ma ɓata yake yi, nawa a danfo ya faɗi. Ajiye a duka biyun.

Yaron dai ya saurare ni da rabin kunne, ɗayan yana toshe da abin jin waƙa. Da muka duba, finafinai ne giga 11 a Downloads.