Ɗigon ruwa a ƙarƙashin sinki: yadda muka gano shi da hoto

Yayata da ke Sharamansur a Makka ta turo min hoto bayan la'asar, ni kuma ina Jidda, wai in duba mata bututun ƙarƙashin sinkin kicin ɗinta ya fashe. A hoton ga roba an tara, ga ɗigon ruwa yana reto a gindin lanƙwasasshen bututun nan da muke cewa sifon a nan, ɗanta ya riga ya nannaɗe wurin da salatif har ya yi tudu amma ruwa bai fasa zuba ba. Ni ba sabbak ba ne, na dai yi yaron wani mai gyaran famfo farkon zuwana ƙasar nan, to irin waɗannan ƙananan ina ɗan taɓawa.

Abin da na fara ce mata, Yaya inda kike ganin ɗigon ba lallai nan ne ke yoyo ba. Ruwa gangarowa yake yi, ya bi jikin bututu har sai ya kai wurin da ya fi ko'ina ƙasa sannan ya ɗiga, kuma a ƙarƙashin sinki babu abin da ya kai sifon ƙasa, shi ya sa kullum shi ake ɗora wa laifi. Hoto ɗaya ba ya nuna daga ina ruwan ya taso, don haka sai na tambaye ta, yaushe yake ɗiga, sai ana wanke-wanke ne ko har da lokacin da famfo ke rufe? Ta ce wallahi ko da dare da kowa ya kwanta zuba yake, kafin asuba robar ta kusa cika.

To wannan amsar ita ta raba gardama. Bututu iri biyu ne a wurin. Akwai masu kawo ruwa, wato makullan ruwa guda biyu da ke jikin bango da muke kira mahabas, na sanyi da na zafi, da tiyo biyu masu saƙar ƙarfe da muke kira layyi da suka tashi daga can zuwa kan famfo, waɗannan kullum cike suke da ruwa mai ƙarfi ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba, balle gidan da aka sa wa injin tura ruwa. Sai kuma masu fitar da ruwan datti, daga ramin sinki zuwa sifon zuwa bango, su babu matsin ruwa a cikinsu, galibi sai an zuba ruwa daga sama suke yoyo. Ko da gindin sifon ne ya tsage, ɗan ruwan da ke kwance a ciki ne zai tsiyaye ya ƙare, ba zai cika roba kowane dare ba. Abin da ke ɗiga dare da rana daga ɓangaren shigowa yake.

Na ce ta kwashe tarkacen da ke cikin durowar, ta goge komai da tsumma ya bushe ƙarau, ta kunna fitilar waya ta sake ɗauko min hoto uku, ɗaya daga nesa ya kama komai, ɗaya kusa da mahabas, ɗaya kuma wayar na kallon sama wajen gindin famfo. A na farkon ne na ga layyin sanyi ya yi tsawo ya lanƙwaso yana jingine a jikin sifon, da na buɗa hoton sosai kuma sai ga tsatsa ja-ja a saƙar daidai lanƙwasar, wasu zaruruwan ƙarfen ma sun tsinke sun miƙe, ga farin gishiri-gishiri ya bushe a layi ɗaya ya gangara. Wannan farin shi nake fara nema a kowane hoto don sawun ruwa ne, ka bi shi sama inda ya fara nan matsalar take. Idan a jikin noti na tagulla ne kore za ka gani.

Duk da haka ban ce a sayi komai ba sai da muka gwada. Ta ɗaura tishu busasshe a wuri huɗu, notin ƙasa na kowane layyi da tsakiyar kowanne, ta rufe mahabas biyun ta murɗa su hannun dama, ta buɗe famfo ragowar ruwan ya fita ta mayar ta rufe. Ɗigo ya tsaya. Ta buɗe na zafi shi kaɗai, shiru. Tana buɗe na sanyi tishun tsakiya ya jiƙe, na jikin noti kuwa a bushe. Da na notin ne ya jiƙe da abin ya zo da sauƙi, 'yar baƙar robar da ke cikin notin, jilda, ita za a canza ko a ɗan ƙara ɗaurewa. Amma tiyon da jikinsa ya fara tsatsafo ba ya gyaruwa, kuma ba na wasa da shi saboda rana ɗaya zai fashe gaba ɗaya, in babu kowa a gida sai ruwa ya sauka wa maƙwabta na ƙasa. Jarkar kilorin na wanki da take ajiyewa a durowar ma na ce ta canza mata wuri, tururinta yana cin saƙar ƙarfen.

Ɗan nata ne ya yi aikin ina kan waya. Ya rufe mahabas, ya tara bokiti, ya riƙe jikin mahabas da hannu ɗaya don kar ya juya a bango yana kwance notin da sifana, sannan ya kwance na sama. Na ce ya tafi shagon kayan famfo da tsohon a hannunsa, domin notin ƙasa yawanci rabin inci ne amma bakin sama ya danganta da irin famfon, kuma ya karɓo wanda bai kai wancan tsawo ba don kar ya sake lanƙwasowa. Wajen ɗaurawa ya so ya naɗa farin zaren nan na teflon na hana shi, jildar ce ke tare ruwa a irin wannan notin ba zaren ba, teflon ma yana iya hana shi zama daidai. Da hannu ake ɗaurewa har ya tsaya sannan a ƙara kamar kwata da sifana, in ka matse da ƙarfin tsiya ka murƙushe robar ka jawo sabon yoyo.

Da a ce ta ce min sai ana wanke-wanke yake ɗiga, da toshe sinkin za mu yi mu cika shi da ruwa. In ya fara zuba tun ba a cire murfin ba, robar da ke ƙarƙashin ramin sinkin ce ko notin da ya riƙe ta ya saki. In sai an saki ruwan ne, to ɗaya daga cikin fararen notocin sifon ne, a kwance shi da hannu a duba robar ciki, mai tsini ce, ɓangaren sirara yana shiga cikin bututun mai kaurin yana kallon noti, sau da yawa za ka tarar an juya ta ne ko ta taurare. Silikon da mutane ke labtawa a waje kuwa ɓata wuri ne kawai.

Inda nake cewa a kira sabbak shi ne idan mahabas ɗin ya ƙi rufuwa ko ya ƙi juyawa sam, ko ruwan daga cikin bango yake fitowa, nan sai an rufe babban mahabas na gidan tukuna kuma ya kamata mai gida ya sani. Na Yaya dai bai kai can ba, na ce ta shimfiɗa kwali busasshe a durowar ya kwana, da safe ta turo min hotonsa babu ko tabo, salatif ɗin ne ma ya ba yaron wahala wajen ɓarewa.