Sifili ɗaya a ƙasan matiriks: abin da na koya game da raba mai ƙiyasi da mai sarrafawa

A shekarun da na yi ina duba furojet na ɗaliban injiniyan lantarki a nan Birnin Kebbi, babu ƙa'idar da suke haddacewa da sauri kamar ƙa'idar rabuwa: ka tsara mai sarrafawa daban, ka tsara mai ƙiyasi daban, ka haɗa su, komai ya tafi daidai. Maganar gaskiya ce, ana ma tabbatar da ita a layi huɗu. Abin da na gane a ɗakin gwaji shi ne duk nauyinta ya rataya a kan sifili guda ɗaya, kuma wanda ya san inda sifilin nan ya samo asali zai iya faɗa maka ranar da ƙa'idar za ta watsa masa ƙasa a ido.

Misalin da na fi so shi ne motar lantarki mai juya farantin sola ya bi rana, aikin da ɗalibai ke yawan ɗauka. Halin na'urar, wato x, lambobi biyu ne: kusurwar farantin da saurin juyawarsa. Abin da muke turawa, wato u, shi ne ƙarfin juyi. Inkoda, na'urar auna juyi, tana ba mu kusurwa kawai, wato y, saurin kuwa babu abin da ke auna shi. Idan aka daidaita ma'auni har nauyin farantin ya zama ɗaya, aka kuma ƙyale gogayya, lissafin ya koma haka:

```
x' = A x + B u,   y = C x
A = [0 1; 0 0],  B = [0; 1],  C = [1 0]
```

Da muna ganin halin duka, sai mu ce u = -Kx, mu zaɓi K yadda fol na A - BK za su zauna inda muke so. Fol lamba ce da ke nuna saurin da motsi ke lafawa: in tana da alamar ragi motsin na mutuwa, in ta tsallaka ɓangaren ƙari na'ura ta ƙwace. Mu ce muna son -1 da -2. To (s+1)(s+2) ya ba da s² + 3s + 2, saboda haka K = [2 3].

Tunda ba mu ga sauri ba, sai mu gina kwafin na'urar a cikin kwamfuta, hanyar da David Luenberger ya fito da ita a 1964. Kwafin yana karɓar u ɗin da aka tura wa mota, yana lissafa inda farantin ya kamata ya kasance, sannan ya kwatanta da abin da inkoda ta ce, ya gyara kansa gwargwadon wata lamba L. Shi ne mai ƙiyasi. Nasa fol na A - LC ne. Mun zaɓi -5 da -6 don ya fi na'urar sauri, wanda ya ba da s² + 11s + 30, wato L = [11; 30].

Yanzu ga wurin da ya kamata a tsaya a yi nazari. Bari e ya zama kuskuren ƙiyasi, wato hali na gaskiya a cire hali na kwafi. A lissafin na'ura akwai Bu. A lissafin kwafi ma akwai Bu, iri ɗaya sak. Da ka ɗebe wannan daga wancan, Bu ya cinye Bu, abin da ya rage shi ne e' = (A - LC)e. Kuskuren bai san akwai wani u ba, bai san K ba, bai ma san inda farantin yake ba. Shi kuma mai sarrafawa yana aiki da ƙiyasi ne, wato x - e, don haka lissafin duka biyun ya zama:

```
[x']   [A-BK    BK ] [x]
[e'] = [  0    A-LC] [e]
```

Sifilin ƙasa ta hagu ne maganar. Matiriks mai irin wannan siffa, fol ɗinsa su ne na A - BK haɗe da na A - LC, babu wanda ya taɓa wani. Ninka (s² + 3s + 2) da (s² + 11s + 30), za ka sami s⁴ + 14s³ + 65s² + 112s + 60, tushensa kuma -1, -2, -5, -6. Kamar ruwan gulbi ne da ke gangarowa daga Argungu zuwa fadamar Birnin Kebbi: abin da ya faɗa a sama yana isowa ƙasa, na ƙasa ba ya hawa sama. Kuskure yana shiga na'ura ta BK, na'ura ba ta da hanyar mayar masa da martani, kuma tunda kuskuren yana mutuwa da kansa, tasirinsa ma yana mutuwa.

A lura, fol kaɗai aka yi wa alkawari. Wannan BK na sama ta dama yana nan, don haka a daƙiƙun farko, kafin ƙiyasi ya kamo gaskiya, farantin zai yi motsin da ba zai yi ba da muna auna sauri kai tsaye.

Wata ɗaliba ta tsara nata da waɗannan lambobi, a kwamfuta ya yi kyau. Ranar gwaji sai ta ɗora faranti ƙarami saboda babban bai iso ba. Da aka ba shi umarni, ya wuce inda aka ce ya tsaya, ya ɗan dawo, ya yi rawa kafin ya natsu. Ta ce, "Malam, ai fol ɗina duka huɗu na zahiri ne, daga ina rawar ta fito?"

Daga sifilin ta fito. Nauyin juyin ƙaramin farantin kusan rabin na babban ne, don haka ƙarfi ɗaya yana haifar da ninki biyu na hanzari. B na gaskiya ya zama b sau B, inda b = 2, alhali kwafi yana nan a kan 1. Bu bai ƙara cinye Bu ba, saura (b - 1)Bu ya maƙale a lissafin kuskure, kuma u ya dogara da x. Hanya ta buɗe ta baya. Idan ka sake lissafin da b a ciki:

```
s^4 + 14 s^3 + 65 s^2 + 112 b s + 60 b
```

A b = 2 tushen sun koma kusan -0.64, -9.5, da tagwaye -1.93 ± 4j. Tagwayen nan su ne rawar, kowane zagaye kusan daƙiƙa 1.6. Ba ko ɗaya daga cikin huɗun da ya zauna inda ta ajiye shi. Gwajin Routh ya nuna in b ya haura kusan 7.2, tsarin ya ƙwace baki ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwatancen: da ana auna saurin kai tsaye, lissafin s² + 3bs + 2b ne, wanda ba ya ƙwacewa ga kowane b mai alamar ƙari, a b = 2 ma ba ya ko rawa. K ɗaya ne a duka biyun. Shigowar mai ƙiyasi ce ta kawo iyaka inda da babu.

Wannan ba sabon labari ba ne. Mai sarrafawa na LQR da ke ganin hali duka yana da tabbacin juriya: digiri 60 na jinkirin zango, kuma ƙarfin madauki zai iya raguwa zuwa rabi ko ya ƙaru ba iyaka. A 1978 John Doyle ya kawo ƙaramin misali da ya nuna cewa da zarar an haɗa shi da matatar Kalman, wadda ita ma mai ƙiyasi ce, wannan tabbaci ya tafi, juriyar na iya zama ƙanƙanuwa yadda ba ka zato. Shi ya sa ba na karɓar jerin fol a matsayin hujja. Sai ɗalibi ya haɗa K da L su zama mai sarrafawa guda, a misalinmu (112s + 60) bisa (s² + 14s + 65), ya ninka da na'ura, ya duba `margin` a MATLAB ko Octave.

Iskar hunturu da ke tura farantin ba irin wannan matsala ba ce, kodayake ɗalibai kan cakuɗa su. Ita ma ƙarfi ce da kwafi bai sani ba, amma ba ta dogara da x, saboda haka fol ba sa motsawa. Karkatar da ƙiyasi kawai take yi, ana kuma maganinta da ƙara ta cikin halin da ake ƙiyastawa.

Hanya ta biyu da sifilin ke ɓacewa ta fi yawa a aikin hannu: cikar direban mota. Direba mai batir 12V ba zai ba da fiye da abin da yake da shi ba. Kwamfuta ta nemi ƙarfi mai yawa, mota ta samu kaɗan, amma a kod an tura wa kwafi abin da aka nema. Bambancin ya zuba cikin kuskure. Ana gane shi da sauƙi: ƙananan umarni suna tafiya lafiya, babban umarni kuwa sai ƙiyasin sauri ya yi gaba ya bar na'ura, ratar da ke tsakanin inkoda da ƙiyasi ta kumbura daidai lokacin da direba ya cika. Gyaran layi ɗaya ne, a yanke u tukuna sannan a ba kowa:

```
u = max(min(-K*xh, umax), -umax);
xh = xh + Ts*(A*xh + B*u + L*(y - C*xh));
```

Wannan ya dawo da sifilin, kuskure ya koma mutuwa da kansa. Amma layin sama na matiriks ɗin ya daina zama na liniya muddin direba a cike yake, don haka -1 da -2 ba su da ta cewa a lokacin. Farantin sola zai haƙura ya iso a makare. Na'urar da dama ba ta tsayuwa da kanta, irin sandar da ake riƙewa a tsaye a kan amalanke, tana iya faɗuwa kafin ƙiyasi ya daidaita.

Nan ne kowa ke cewa a ƙara wa mai ƙiyasi sauri, kuma a ra'ayina wannan shawara ta fi kowace jawo ɓarna. Kai fol ɗinsa -50 da -60, L ya zama [110; 3000]. A ce an kunna na'ura tana tsaye, ƙiyasin kusurwa ya saɓa da 0.1. Da tsohon L, kuskuren sauri yana hawa zuwa kusan 0.2 kafin ya sauka. Da sabon, yana tsalle zuwa kusan 2 a cikin daƙiƙa 0.018. Ninka da 3 na K, umarnin ƙarya ya tashi daga 0.6 zuwa 6, ya isa ya cika direba tun kafin a nemi komai. Kowane ɗan tsalle na inkoda kuma yana shiga lissafin sauri ta 3000 maimakon 30, sai ka ji mota tana ƙugi alhali farantin a tsaye yake. A takarda fol huɗun suna zaune lafiya, domin ƙa'idar ba ta taɓa yin magana a kan tsayin tsalle ko hayaniyar awo ba.

A tsarin da ba na liniya ba, ragewar tun farko ba ta fita tas: f(x) a cire f na ƙiyasi ya dogara da inda x yake, don haka mai sarrafawa yana da hannu a yadda kuskure ke tafiya. Wani lokaci ma shi ke yanke ko za a iya ƙiyasin. Inbata da ke juya motar indokshon ba tare da inkoda ba, irin ta famfunan ban ruwa, daga wutar da take turawa take ƙiyasta saurin mota. In mitar wutar ta kusanci sifili, bayanin saurin ya ɓace daga awon, kuma babu L da zai dawo da shi. A irin wannan wuri dole a tsara su tare: a guje wa daɗewa a ƙaramar mita, ko a saka wata 'yar sigina da gangan don mai ƙiyasi ya samu abin gani, ko kuma a sayi inkoda.