Juma'ar da waya ta ce a buɗe muke

Da safe komai lafiya lau. Wuta ta tsaya har sha ɗaya, na cika kwamfuta da caji, na sha kunun gyaɗa da ƙosai, Auta ma bai tashe ni da kuka ba. Ina cewa yau ranar hutu ce.

Biyu saura kwata Gwaggo ta kira. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Kai ne ka gaya wa waya muna buɗe yanzu?" Wata baiwar Allah ce ta yi baƙi daga Zariya, ta duba wayarta ta ga an rubuta a buɗe muke, ta ɗauki adaidaita tun daga Kabuga har Tarauni don ta sayi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta kira lambar da ke jikin allo, Gwaggo ta yi ta ba ta haƙuri, ita kuma ta ce kuɗin motarta kawai take jin ciwo. Shekara da shekaru Gwaggo na rufe shago ranar Juma'a da rana, yaran su tafi masallaci. Duk unguwa an san haka. Ni ma na sani, amma da nake gina mata shafin intanet na shagon sai na zuba lokaci ɗaya wa kwana bakwai, bakwai na safe zuwa goma na dare, na wuce abina.

Bayan La'asar na tafi da kwamfutar. Na same ta a bayan shago tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Na ja kujera 'yar tsugunno na zauna, na ce Gwaggo ki faɗa mini ƙarfe nawa kuke rufewa ranar Juma'a. Ta ce in an yi kiran farko. Na ce buɗewa fa? Ta ce in an sauko mana. Na ce ai injin bincike bai san an sauko ba, lamba yake so. Nan ta ajiye farantin ta dube ni, ta ce to wane masallacin? Na kusa da mu da wuri yake saukowa, amma yaron da ke riƙe da makulli can wani yake zuwa, sai ya ci abinci a gidansu kafin ya dawo. Mun fi minti ashirin a kan wannan maganar. Ita tana ganin in ta ce ƙarfe uku alhali wani lokacin biyu da rabi an buɗe, ta kori ciniki da hannunta. Ni kuma na ce wanda ya zo biyu da rabi ya samu a buɗe ba zai yi fushi ba, wanda ya zo ya samu kwaɗo shi ne ba ya dawowa. Ta yi shiru, can ta ce, "Sa uku. Amma ka sa rufewa ƙarfe ɗaya, kada ka ƙara ko minti."

Gyaran kansa ba wuya. A cikin bayanan da ake ɓoyewa a bayan shafi don injin bincike, na tsarin schema.org, ana iya ba rana ɗaya layi biyu. Sai na cire Juma'a daga jerin sauran ranaku na raba ta haka:

```json
{"@type": "OpeningHoursSpecification",
 "dayOfWeek": "Friday", "opens": "07:00", "closes": "13:00"},
{"@type": "OpeningHoursSpecification",
 "dayOfWeek": "Friday", "opens": "15:00", "closes": "22:00"}
```

Lissafin awa ashirin da huɗu ake yi, don haka ƙarfe uku na rana 15:00 ne. In ka rubuta 03:00 ka ce wa duniya Gwaggo na tuƙa tuwo kafin asuba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ranar da na gama shafin na gwada shi a Rich Results Test, wurin da Google ke duba irin waɗannan bayanan na ɓoye, ya nuna ba kuskure, na ji daɗi na rufe. Ashe abin da yake dubawa kawai ko an rubuta bisa ƙa'ida. Ba ruwansa da ko gaskiya ne. Ƙarya in ta bi ƙa'ida lafiya lau za ta wuce. Hanyar ganewa ɗaya ce, ka ɗauki waya ka tsaya a ƙofar shago ka gwada abin da ta ce da abin da idonka ke gani.

Kuma ba wuri ɗaya lokacin yake zaune ba. Akwai allon ƙofa, akwai rubutun da mutum ke karantawa a shafi, akwai wannan na ɓoye, sannan akwai Google Business Profile, wanda shi ne ke ciyar da abin da ake gani a taswira. Matar nan kusan tabbas na taswira ta gani, kuma shi ma ni na cike shi da wancan lokacin. Na shiga na ƙara wa Juma'a zango na biyu a can ma. Na shafi kuwa sai injin ya sake zagayowa, don haka na roƙi a sake dubawa ta Search Console, wurin da Google ya tanadar wa masu shafuka. Zai iya ɗaukar kwanaki.

Ina cikin haka Yaya ya shigo da hularsa ta Juma'a, ya leƙa allon ya ce in cika kan kowane shafi da `near me` tunda abin da mutane ke bugawa ke nan. Na ce Yaya, kusa ai daga inda mai wayar yake tsaye ake auna ta, ba daga rubutunmu ba. Abin da za mu iya yi shi ne mu faɗi inda muke sarai, unguwa da gari, adireshi iri ɗaya a ko'ina. Bai gamsu ba, ya ɗauki masa biyu ya fita.

Amma maganarsa ta sa na duba kawunan shafukan, na ga wani abin kunyar. Shafin jerin abinci da na kowane abinci duk suna ɗaya suke ɗauke da shi, `Menu`. Wanda ke neman masa ba abin da zai ja shi. Na fara da na masar:

```html
<title>Masa da miyar taushe a Tarauni, Kano</title>
<meta name="description" content="Masa mai zafi kullum daga 7 zuwa 11 na safe.">
```

Gajere na bar shi, don in ya wuce harafi sittin ko kusa da haka ana datse shi a sakamakon bincike. Sha ɗayan nan ma Gwaggo ce ta sa, ta ce bayan nan tanda ta huce, kada wani ya sake tahowa a banza. Na ɗanwake ya ɗan tsayar da ni, don yawancin mutane ba sa buga ɗ mai lanƙwasa a waya. Na bar daidai ɗin a kai, na sa `danwake` sau ɗaya a cikin bayanin. Saura shafi tara.

Magariba a masallacin layinsu. Gwaggo ta zuba mini tuwo a kwano na taho da shi, alamar ta huce.

Ni ne dai ban huce ba. Ina kwance ina tuna azumi, lokacin da ba a ɗora tukunyar ciniki sai yamma, a kai har tsakar dare. Akwai `validFrom` da `validThrough` na sa wa lokaci ranar farawa da ranar ƙarewa, amma su ma kwanan wata tsayayye suke so, mu kuma sai an ga wata. Dole daren da aka sanar in tashi in gyara da hannu, wuri huɗu. Na rubuta a takarda na manna a jikin firji. Lambar matar tana wayar Gwaggo, gobe zan karɓa in kira ta da kaina.