Daƙiƙa Biyar, Harafi 75: Yadda Muke Rage Magana a Rubutun Ƙasan Allo

Ƙaramin kamfaninmu da ke unguwar Jekadafari a Gombe yana sanya wa bidiyo rubutun fassara a ƙasan allo, wanda 'yan sana'a ke kira sabtaitil, kuma yawancin aikin da ke zuwa mana na wayar da kai ne a kan lafiya da noma, daga Turanci ko Fulfulde zuwa Hausa. Masu kawo mana aiki sukan ɗauka cewa wahalar tana wajen fassara, alhali fassarar ita ce ta fi sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne baki ya fi ido sauri: abin da mutum zai faɗa cikin daƙiƙa biyar, mai kallo ba zai karance shi cikin daƙiƙa biyar ba, balle ma yana son ya ga fuskar mai maganar.

Saboda haka ba ma fara rubutu sai mun san filin da muke da shi. Ƙa'idar da kamfanin Netflix ya gindaya, wadda masu ba da aiki da yawa suke ara, ita ce kada rubutu ya wuce layi biyu, kada layi ya wuce harafi 42, kuma kada ya zauna a allo fiye da daƙiƙa 7. A rubutun Turanci sun yarda da harafi 20 a daƙiƙa ga manya, 17 ga yara. Mu a nan mun tsayar da 15 ga rubutun Hausa, domin masu kallonmu a Dukku ko Nafada a ƙaramar waya suke kallo, kuma da yawansu ba kullum suke karatun boko ba. Lissafin ba shi da wuya: a ninka daƙiƙoƙin da 15, a sami adadin haruffan da aka yarda, tare da ƙirga tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu. Manhajar Subtitle Edit da muke amfani da ita tana nuna wannan sauri da sunan CPS, kuma tana yi wa layi alama idan ya wuce iyakar da aka saita mata.

Ga misali daga wani bidiyo da aka yi domin iyaye mata a kan gudawar yara. Ma'aikaciyar jinya tana riƙe da kofi, ta yi magana da Turanci cikin sauri na daƙiƙa biyar, daga nan hoton ya koma kan uwar. Filinmu ke nan harafi 75. Cikakkiyar fassarar maganarta kuwa ita ce: "To, abin da nake so ki gane shi ne, idan kin haɗa ruwan gishiri da sukarin nan, kada ki sake ki ba yaron bayan ya wuce awa ashirin da huɗu." Wannan harafi 139 ne, wato kusan 28 a daƙiƙa, kuma ko layi biyu ba za su ɗauke shi ba.

Kafin mu taɓa kalma ko ɗaya mukan duba ko za a iya ƙara lokaci, domin ana iya barin rubutu ya ƙara kimanin rabin daƙiƙa bayan mai magana ya yi shiru. A nan babu wannan dama, saboda hoto ya sauya daidai ƙarshen maganar, kuma rubutun da ya tsallaka sauyin hoto yakan sa ido ya koma ya sake karanta shi daga farko. Dole sai yanka.

Abin da ya fara tafiya shi ne share fagen magana, wato "To, abin da nake so ki gane shi ne", wanda a baki yana jan hankalin mai sauraro amma a rubuce ba ya ɗauke da wani umarni. Cire shi ya dawo da mu 103. Sai muka mayar da "ashirin da huɗu" zuwa 24, muka sauko 90. Daga nan muka dubi abin da hoton ya riga ya faɗa: kofin yana hannunta, kuma an ambaci sunan ruwan a rubutun da ya gabata, don haka "ruwan nan" ya wadatar. Jimlar ta zama "Idan kin haɗa ruwan nan, kada ki sake ki ba yaron bayan ya wuce awa 24", harafi 71 idan an haɗa da aya, kuma manhaja ta daina ƙorafi a kan sauri.

Duk da haka aikin bai kammala ba, kuma a nan ne ake gane wanda ya ƙware. Idan aka raba jimlar a wurin waƙafi, layi na biyu zai kai harafi 46, ya wuce iyaka. Idan kuwa aka raba ta a wani wurin domin layukan su daidaita, za a datse gargaɗin a tsakiyarsa. Ban da wannan, "bayan ya wuce awa 24" yana iya komawa kan yaron maimakon ruwan, tunda yaron ne aka ambata daf da shi. Maganin ba ƙarin yanka ba ne, sake gina jimlar ne, sharaɗi a sama, umarni a ƙasa:

```
00:02:10,000 --> 00:02:15,000
Idan ruwan nan ya wuce awa 24 da haɗawa,
kada ki sake ki ba yaron.
```

Layin farko harafi 40, na biyu 25, jimilla 65, wato 13 a daƙiƙa. Fiye da rabin haruffan sun tafi, amma uwar da ta karanta ta san abin da za ta yi da kuma lokacin da za ta yi shi.

Sabon ma'aikaci da ya koyi yanka yakan wuce gona da iri. Wani matashi da muke koya wa aiki ya kawo mini wannan wurin a rubuce da "Kada ki ba yaron ruwan nan", yana cewa, "Oga, ai yanzu ya sauka ƙasa da harafi shida a daƙiƙa." Na ce masa, "Haka ne, ɗana, amma ka hana yaron maganinsa gaba ɗaya." Manhaja ba ta ganin irin wannan ɓarna, domin haruffa kawai take ƙirgawa. Shi ya sa muka haramta taɓa sharaɗi da korewa da adadi, komai matsin lokaci. Idan sun ƙi shiga, gara a raba maganar gida biyu a rage jimlar da ke biye da ita.

Gaisuwa kuwa ba ta ba mu wahala sosai. Idan dattijo ya yi gaisuwar Fulfulde mai tsawo, mukan rubuta ta farko mu bar kunne da ido su ɗauki sauran, sai dai ba ma cire "ranka ya daɗe" idan ita ce ke nuna wa mai kallo wane ne babba a wurin.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfuta muke yin sa ba. Mukan tura bidiyon a waya, mu kashe sauti, mu ba wanda bai taɓa ganinsa ba, sannan mu tambaye shi abin da aka ce da kuma abin da ya gani. Idan ya kawo maganar amma bai lura da kofin ba, rubutun ya yi yawa. Idan ya ga komai amma bai san awa nawa ba, mun yanka har ƙashi. Ga mai aikin da ya ji harsunan biyu, wanda yakan dawo yana cewa mun cinye rabin maganar, mukan haɗa masa cikakkiyar fassara a takarda daban, kowace jimla kusa da rubutun da ya fito a allo da adadin daƙiƙoƙinta, domin ya nuna mana da kansa abin da yake so a mayar da kuma abin da za a cire a madadinsa.